Wabi-sabi: Kyawun da Japanawa Ke Gani a Abin da Bai Cika Ba

Wabi-sabi suna ne da ake kiran wani irin kyau da Japanawa suka daɗe suna darajawa, wato kyawun abu maras ado, wanda bai cika cif ba, kuma alamun shekaru suka bayyana a jikinsa. Ana ganinsa a kwanon shayi na yumɓu mai karkataccen baki, da bangon ƙasa wanda ciyawar kwaɓinsa ta fito fili, da dutsen lambu wanda gansakuka ta lulluɓe. Sunan ya bazu a duniya, amma har yau ba a sami kalma guda a Ingilishi ko a Hausa da za ta ɗauke shi gaba ɗaya ba. Dalilan haka suna cikin tarihin sunan da kuma yadda ake aiki da shi.

Kalmomi biyu masu tarihi dabam-dabam

Abu na farko shi ne, wabi-sabi ba kalma ɗaya ba ce. Kalmomi biyu ne, kowace da asalinta, kuma sun shafe ƙarnuka kowace tana kan hanyarta kafin a saba jera su tare.

Wabi ta fito ne daga tsohon fi'ili wabu, wanda ke nufin mutum ya shiga ƙunci, ko ya karaya, ko ya rasa abin hannu. A farkon lamari ba ta da wata ma'ana mai daɗi. Halin wanda duniya ta juya wa baya ne, yana zaune a bukka nesa da birni, ba dukiya, ba abokin hira. Daga baya, a tsakanin masana da mawaƙa da masu bin tafarkin Zen na addinin Buddha, ma'anar ta juya. Aka fara kallon irin wannan zama a matsayin 'yanci daga wahalar tara kaya. Rashin yana nan, ba a musa shi ba, amma mai shi ya rungume shi har ya sami natsuwa a cikinsa.

Sabi kuma ta fito ne daga tushen da ke nufin kufai, da shiru, da wurin da mutane suka watse suka bari. Da wannan ma'ana ta zo a Man'yoshu, tarin waƙoƙin Japan na ƙarni na 8. Mawaƙi Fujiwara no Shunzei, wanda ya rayu daga 1114 zuwa 1204, yana cikin na farko da suka yi amfani da ita a matsayin yabo sa'ad da yake alƙalancin gasar waƙa. Bayan ƙarni biyar, Matsuo Basho (1644 zuwa 1694) da almajiransa suka mayar da ita ma'aunin gajerun waƙoƙinsu. Akwai kuma wata kalma mai furuci iri ɗaya, sabi, wadda ke nufin tsatsa. Rubutunsu ya bambanta, amma kunne yana jin su ɗaya, don haka ma'anar shiru da ma'anar tsatsar shekaru suka cuɗanya.

A taƙaice, wabi ta fi karkata ga halin zama da zaɓin mutum, sabi kuma ga abin da zamani ya yi wa abu. Dukansu biyu sun fara a matsayin kuka, suka ƙare a matsayin yabo, kuma ba su zubar da ɗacinsu na farko ba. A ƙarƙashinsu akwai aƙidar Buddha da Japanawa ke kira mujo, wato babu abin da ke dawwama a kan hali ɗaya.

Ɗakin shayi, inda wabi ta sami jiki

Ba a makaranta aka raya wabi ba, a wurin shan shayi ne. Shayin da ake magana a kai garin koren ganye ne, wanda ake zuba wa ruwan zafi a kwano a kaɗa shi da ɗan maburgin gora. Malaman Zen ne suka yaɗa shi bayan Eisai ya dawo da irinsa daga ƙasar Sin a 1191. Kafin ƙarni na 15 ya zama fagen nuna arziki. Sarakunan yaƙi na gidan Ashikaga suna tara tangaran na ƙasar Sin masu sheƙi da santsi, suna baje su a manyan zaure don baƙo ya ga isarsu.

Mutum uku ne tarihi ya fi ambata wajen juya wannan al'ada. Na farko shi ne Murata Juko (1423 zuwa 1502), wanda ya shawarci almajirinsa a wata wasiƙa da ya kawar da iyakar da ke tsakanin kayan Sin da kayan gida, wato ya ajiye tulun ƙauye kusa da tangaran mai tsada ba tare da jin kunya ba. Na biyu shi ne Takeno Joo (1502 zuwa 1555), attajiri a birnin Sakai, wanda ya shigo da ɗanɗanon waƙa cikin shan shayi. Na uku, wanda ya kai abin ƙarshe, shi ne almajirinsa Sen no Rikyu (1522 zuwa 1591), shi ma ɗan gidan 'yan kasuwa ne a Sakai, wanda ya zama shugaban shayi a fadar Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan na lokacin.

Ɗakin da ya fi nuna tunanin Rikyu shi ne Tai-an, wanda ke harabar haikalin Myoki-an a Yamazaki, kusa da Kyoto. An gina shi wajen 1582, kuma yana cikin dukiyoyin ƙasa da gwamnatin Japan ke karewa. Wurin zamansa tabarma biyu ce kacal irin ta Japan, wato bai kai murabba'in mita huɗu ba. Baƙo ba ya shiga a tsaye. Ƙofarsa ƙaramar kafa ce wadda ba ta kai mita ɗaya ba ta kowane ɓangare, sai an durƙusa an rarrafa. A irin waɗannan ɗakuna, jarumi yakan rataye takobinsa a waje kafin ya shiga. Bangon na ƙasa ne, ba a shafe shi da wani launi ba, kuma ana ganin yankakkiyar ciyawar da aka kwaɓa da ita. Tagogin ƙanana ne, an rufe su da takarda, suna shigo da haske kaɗan. Akwai ɗan lungu guda inda ake rataye rubutu ɗaya ko a sa fure ɗaya, kuma an lulluɓe kusurwoyinsa da ƙasa har ido ba ya gane inda zurfinsa ya tsaya.

Kowane abu a nan da dalilinsa. Ƙaramar ƙofa tana sa babba da ƙarami su sunkuya iri ɗaya. Ƙarancin haske yana hana ƙyalli tasiri, ya bar ido ya lura da kaushi da laushin abu. Ƙarancin kaya yana sa hankali ya taru a kan kwano ɗaya da ke hannu. A daidai wannan zamani Hideyoshi yana da ɗakin shayi na zinariya wanda ake kwancewa a ɗauka, har ya kai shi fadar sarki a 1586. Wannan ya nuna cewa wabi ba ta taso don babu zinariya ba. Mutanen da suka san zinariya ne suka zaɓi ƙasa da gora. Rikyu kansa bai wanye lafiya da ubangidansa ba, domin a 1591 Hideyoshi ya umarce shi da ya kashe kansa.

Rikyu ya kuma sa wani magini mai suna Chojiro ya yi masa kwanoni na musamman, waɗanda aka sani da Raku. Da hannu ake gina su, ba a kan faifan juyi ba, sannan a kankare su da wuƙa. Baƙaƙe ne ko jajaye, ba zane a jikinsu. Baƙin ana gasa shi ɗaya-ɗaya, a zaro shi daga wuta da awartaki yana ja wur. Zuriyar wannan gida tana ci gaba da sana'ar a Kyoto har yau.

Kwano ɗaya a duba shi da kyau

Misalin da ya fi bayyana lamarin shi ne kwanon da ake kira Kizaemon Ido, wanda ke ajiye a Koho-an, wani sashe na haikalin Daitoku-ji a Kyoto. Ba a Japan aka yi shi ba. A Koriya aka gina shi wajen ƙarni na 16, kuma ba a san sunan magininsa ba. Tsayinsa kimanin santimita 9 ne, faɗin bakinsa kimanin santimita 15. Launinsa rawaya ne mai duhu. Bakinsa bai zagaye daidai ba. Ana ganin layukan da yatsun magini suka bari a jikinsa. A gindinsa, ruwan sheƙin da aka shafa bai narke sosai ba, ya tattare ya yi ƙuraje-ƙuraje, abin da Japanawa ke kira kairagi. Ga mai sayar da tangaran, wannan kwano ne da wuta ta ɓata. Ga ma'abota shayi, waɗannan ƙuraje suna cikin abin da ake fara dubawa, kuma gwamnatin Japan ta sa kwanon cikin dukiyoyin ƙasa.

Yanagi Soetsu, wanda ya kafa yunƙurin daraja sana'o'in hannu na talakawa a Japan, ya ga kwanon a 1931. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda ya same shi kwano na yau da kullum, kuma a ganinsa a nan kyawunsa yake: magini bai yi niyyar burge kowa ba, ya yi aikinsa ne da saurin wanda hannunsa ya saba.

A jikin wannan kwano ana iya raba kalmomin biyu. Wabi tana cikin asalinsa: ƙasa ce ta gama-gari, ba ado, ba sunan gwani, da karkacewar da ba a shirya ba. Sabi tana cikin abin da ya same shi daga baya. Sheƙin irin waɗannan kwanoni yana da tsage-tsage ƙanana kamar gashi, kuma duk lokacin da aka sha shayi, launi yana ratsa su kaɗan-kaɗan. Bayan ɗaruruwan shekaru sai jikin kwanon ya yi duhu, ya yi tabo. Wasu kwanonin Koriya masu irin wannan tabo ana kiransu amamori, wato yoyon ruwan sama, don sun yi kama da shaidar da yoyo ke bari a bango. Akwai kuma abu na uku, wanda ba ya jikin kwanon: idon wanda ya ɗauke shi daga cikin dubbai ya ce wannan ne. In babu wannan ido, kwanon tsohon kwano ne kawai.

Haka labarin wani mazubin fure da Rikyu ya yanka daga gora a 1590, lokacin yaƙin Odawara. Gorar tana da tsaga a gaba, kuma ba a ɓoye ta ba. Aka ma raɗa masa suna Onjoji, sunan wani haikali mai tsagaggiyar ƙararrawa. Yana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Tokyo.

Inda ake kuskure

Kuskure na farko shi ne ɗaukar wabi-sabi a matsayin ƙazanta ko sakaci. Cikin ginshiƙai huɗu da makarantun shayi ke koyarwa akwai jituwa, da girmamawa, da tsabta, da natsuwa, kuma harafin da ake rubuta na huɗun da shi shi ne harafin sabi. Ana share lambu, a yayyafa ruwa a kan duwatsu, a goge kowane kaya a gaban baƙo. Tabon shekaru ana barinsa, dauɗar jiya ana wanke ta.

Kuskure na biyu shi ne ƙirƙirar aibi da gangan. Juko da kansa ya yi gargaɗi a wasiƙarsa game da sababbin shiga da ke rungumar kausasan tukwanen Bizen da Shigaraki suna nuna sun kai, alhali ba su san kaya masu kyau ba tukuna. A ganinsa sai mutum ya san cikakken abu sannan ya fahimci darajar wanda ya gaza. Ana iya gane na jabu ta hanyar duba inda alamar tsufa take. A kwanon da aka yi amfani da shi, duhun yana inda shayi ke kwanciya, gogewar tana inda hannu da leɓe ke taɓawa. A wanda aka tsufar a masana'anta, tabon yana ko'ina daidai wa daida, kuma guda ɗari duk karkatarsu ɗaya.

Kuskure na uku shi ne zaton cewa abin na talaka ne ko mai araha. Attajirai da sarakunan yaƙi ne suka raya shi, kuma kwanonin da suka yi suna sun kai farashin da talaka ba ya mafarkinsa. Wannan saɓani yana tare da wabi tun zamanin Rikyu.

Ana kuma yawan haɗa wabi-sabi da kintsugi, wato gyaran fasasshen kwano da ƙaron bishiyar urushi, a barbaɗa garin zinariya a kan layin gyaran. Bahaushe ya san irin wannan a aikin gyartai, wanda ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya ɗinkin yana bayyane. Bambancin shi ne, mai ƙwarya tana kai ta ɗinki don ta ci gaba da aiki, ba ta ƙara mata kuɗi saboda ɗinkin, alhali a Japan layin gyaran yakan zama abin kallo, wani lokaci ya ƙara wa kwanon daraja. Kintsugi sana'a ce guda da ta dace da wannan ɗanɗano, amma ba ita ce wabi-sabi ba.

Abin da ya sa Ingilishi ya gaza

Turawa sun fara jin wannan tunani sosai ta littafin shayi da Okakura Kakuzo ya rubuta da Ingilishi a 1906. Haɗaɗɗen sunan kuwa ya bazu a ƙasashen Yamma musamman bayan littafin Ba'amurke Leonard Koren na 1994. Masu fassara sun gwada kalmomi da yawa. Kalmarsu ta kayan ƙauye ta kama kaushin, amma ta rasa gogewar ido, domin Tai-an aikin ƙwararren ɗan birni ne. Kalmarsu ta sauƙi ta dace har da sabon farin ɗaki maras tabo, wanda babu sabi a cikinsa ko kaɗan. Kalmarsu ta rashin kamala tana nuna an auna abu da wani mizani ya kasa, alhali mai shayi ba ya ganin kwanonsa ya kasa komai. Kalmarsu ta launin da tsufa ke sa wa tagulla ta tsaya a fatar abu, ba ta kai ga kaɗaicin da mai kallo ke ji ba. Kowace ta ɗauki yanki ta bar saura.

Abin da ya sa Hausa ma ta gaza

Hausa tana da kalmomin da suka fi kusa da ɓangaren zuciya. Ƙana'a, ko wadar zuci, ta yi kusa da wabi ƙwarai, domin ita ma gamsuwa ce da kaɗan. Amma halin mutum ce. Ba a cewa bango yana da ƙana'a, ko kwano yana da wadar zuci, alhali wabi tana iya sifanta mutum da ɗaki da kwano duka. Zuhudu, wato gudun duniya, yana da tushe a Musulunci, kuma manufarsa neman yardar Allah da lahira. Mai zuhudu yana kau da kai daga ƙawa. Mai wabi kuwa yana zura wa abin duniya ido ne sosai, yana neman wata ƙawa a cikin rashin ƙawa, kuma tushensa Zen ne. Sa ɗaya a madadin ɗaya zai ɓata ma'anar dukansu.

A ɓangaren sabi, kalmar tsufa tana faɗin shekaru ne kawai, kuma idan aka ce kaya ya kwana biyu, yawanci ana nufin farashinsa ya sauka. Bahaushe ya san darajar abin da ya daɗe, shi ya sa yake cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma wannan yabon amfani ne, ba yabon kamanni ba. Kewa tana buƙatar wanda ake kewa, kaɗaici kuma abu ne da ake yi wa mutum jaje a kai. Sabi kaɗaici ne da ba a neman maganinsa. Maganar cewa duniya ba matabbata ba ce ta yi daidai da mujo ta wani gefe, sai dai a bakin Bahaushe wa'azi ce da ta'aziyya, ba ma'aunin da ake zaɓen kwano da shi ba. Kalmomin yabon kaya kuwa, irin su sabo fil, da tsaf, da sumul, duk suna fuskantar wajen cika da sheƙi.

Wannan ba gazawar Hausa ko Ingilishi ba ce. Kowane harshe yana raɗa suna ne ga abin da masu shi suka daɗe suna yi tare. Japanawa sun shafe fiye da shekara 400 suna zama a ɗakunan shayi suna duba kwanoni, suna koya wa almajirai abin da za su lura da shi, don haka kalmomin suka cika da abin da aka gani aka taɓa. Ko a Japan ma, mutane da yawa sun fi iya nuna misalin wabi-sabi da yatsa fiye da bayyana ta da baki.

Saboda haka kalma ɗaya ba za ta wadatar ba, domin sunan ya haɗa abubuwa huɗu a lokaci guda: sifar abu, da aikin zamani a kansa, da halin zuciyar mai kallo, da juyar da rashi ya zama daraja. Hanyar da ta fi dacewa ga mai rubutu da Hausa ita ce ya ari sunan yadda yake, kamar yadda harshen ya ari kalmomi da yawa daga Larabci da sauran harsuna, sannan ya biyo shi da cikakkiyar jimla: kyawun da gogaggen ido ke gani a abu maras ado, wanda aka yi da gaskiya, aka yi amfani da shi da tsabta, har shekaru suka bar shaidarsu a jikinsa.